Injin awon waya da yake ƙara tsawo: nazarin bugun da ke ɓata saboda doguwar katsewa

Injin da yadda aka tsara shi

Wata ƙaramar masana'anta tana da injin da yake auna wayar lantarki, ya tsaya idan tsawon da aka nema ya cika, sannan a yanke. Wayar tana bi ta kan wata taya mai kewayen milimita 300, kuma a jikin tayar akwai enkoda mai ba da bugu 600 a kowane juyi, saboda haka kowane bugu ɗaya rabin milimita ne, mita 100 kuma bugu 200,000. Ƙwaƙwalwar injin ita ce ATmega328P mai gudu a kan megahaz 16. Wani ma'aikacin wurin ne ya rubuta manhajar a yaren C, kuma shi ne ya bi matsalar har ƙarshenta.

Katsewa biyu ne a cikin manhajar. Katsewa dai ita ce hanyar da wani sashe na na'urar yake dakatar da aikin da ake ciki, a ruga a yi wani gajeren aiki da aka tanada, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Ta farko ita ce `INT0`, wadda bugun enkoda yake tayarwa: tana ƙara ɗaya a kan ƙirge, ta duba ko an kai adadin da ake nema, in an kai ta ba da umarnin tsayawa. Ta biyu ita ce `TIMER1_COMPA`, ta taima, wato agogon cikin na'urar, wadda take zuwa duk bayan milisakan 100, wato sau goma a sakan. A cikinta ma'aikacin ya zuba lissafin gudu, da duba ko gudun ya wuce ƙa'ida, da sabunta allon nuni irin na HD44780. Dalilinsa shi ne yana son lambobin allon su riƙa canzawa a kan kari ɗaya, ba tare da la'akari da abin da babban zagayen manhajar yake yi ba.

A gwajin kan tebur ya juya tayar da hannu, juyi goma, allon ya nuna mita 3 daidai. Ya maimaita sau da dama bai ga kuskure ko na bugu ɗaya ba, sai aka ɗora injin a kan aiki.

Mako na 1 da na 2: ana zargin taya

A cikin makon farko mai kula da ma'ajiya ya lura cewa wayar da ke kan manyan ganguna tana ƙarewa kafin lissafi ya ce ta ƙare. Aka warware nadi uku da aka yanke a matsayin mita 100, aka auna da tef, aka sami kusan mita 102.4 a kowanne. Injin yana gudu a kan mita 1 a sakan a lokacin.

Zato na farko ya faɗa kan tayar, kuma zato ne mai ma'ana, domin idan waya tana sulɓewa a kan taya ba tare da ta juya ta ba, ƙirge zai gaza tsawon gaskiya, kamar yadda aka gani. Aka sauya robar tayar, aka ƙara matse ta da wayar, aka sake awo. Sakamakon bai motsa ba. Sai ma'aikacin ya rage adadin bugun da ake jira da kashi 2.4 cikin ɗari, daga 200,000 zuwa 195,200, kuma kwana huɗu nadin yana fitowa daidai.

Gyaran ya rushe ranar da aka canza gudu. A kan mita 2 a sakan nadin ya fito da ƙarin kusan santimita 26. A kan rabin mita a sakan ya gaza da kusan rabin mita. Da aka ja wata waya mai kauri a hankali, a kan mita 0.15 a sakan, sai ga mita 97.6, wato ragin da aka yi ya fito gaba ɗayansa, alamar cewa a wannan gudun babu bugun da yake ɓata tun asali. Aka mayar da adadin 200,000, aka rubuta awo huɗu: mita 100 a gudu mafi ƙanƙanta, 101.9 a rabin mita, 102.4 a mita 1, 102.7 a mita 2. Kuskuren yana tashi da sauri da farko, sannan ya lafa yana kusantar wani rufi. Sulɓewar taya ba ta yin haka, domin ita ƙaruwa take yi idan gudu ya ƙaru, ba ta da wurin tsayawa a ƙasa da kashi uku cikin ɗari.

Mako na 3: injin ya shiga tashi daga farko

Domin ya riƙa karanta ƙirgen daga kwamfuta, ma'aikacin ya ƙara hanyar sadarwa ta `USART` a kan bit 9600 a sakan, ya ɗauko mai karɓar katsewarta, wato gajeren aikin da katsewar take kira, daga wani tsohon aikinsa da ya yi a kan ATmega2560. Manhajar ta haɗu, aka loda ta. Da kwamfuta ta aiko da harafi ɗaya, sai allon ya koma gaisuwar farko, ya goge, ya sake nuna ta, haka ba tsayawa har sai da aka cire wuta.

Ya fara zargin wutar ce take faɗuwa. Rajistar `MCUSR` ce ta kawar da wannan zargi, domin ita take riƙe dalilin tashi na ƙarshe a tutoci huɗu: `PORF` na kunna wuta, `EXTRF` na ƙafar sake tashi, `BORF` na faɗuwar wuta, da `WDRF` na agogon tsaro. Ya sa manhajar ta karanta ta a farkon tashi, ta nuna, sannan ta share. A duk tashin da ya biyo bayan na farko, sifili ta nuna. Ke nan na'urar ba ta sake tashi da gaske ba, wani abu ne a cikin manhajar yake tsalle zuwa adireshi na 0.

A nan ne ya buɗe teburin bekta. A farkon ma'adanar manhaja ta ATmega328P akwai gurbi 26, kowanne yana ɗauke da umarnin tsalle guda ɗaya. Gurbin farko na tashi ne, na biyu na `INT0`, haka har zuwa ƙarshe, kuma matsayin kowane gurbi a kafe yake cikin ƙirar na'urar. Idan katsewa ta faru, na'urar ba ta neman suna, adireshin gurbin kawai take zuwa, ta bi tsallen da ta tarar. Ya duba abin da kwamfaila, wadda take juya rubutun C zuwa umarnin na'ura, ta zuba a wurin da umarnin `avr-objdump -d`, ga layuka uku daga ciki an taƙaita su:

```
 4:  jmp  <__vector_1>
2c:  jmp  <__vector_11>
48:  jmp  <__bad_interrupt>
```

Layi na farko na enkoda ne, na biyu na taima, dukansu suna nuni ga aikin da aka rubuta musu. Na uku, gurbin karɓar saƙo, yana nuni ga `__bad_interrupt`, inda ake tura duk katsewar da ba a rubuta mata mai karɓa ba, kuma abin da wannan wuri yake yi shi ne tsalle zuwa adireshi na 0. Kuskuren harafi ɗaya ne. A ATmega2560 sunan shi ne `USART0_RX_vect`, a ATmega328P kuwa `USART_RX_vect`. Kwamfaila ta ɗauki sunan da ba ta sani ba a matsayin wani aiki na daban da babu mai kiransa, ta ba da gargaɗi cewa da alama an yi kuskuren rubuta suna, amma gargaɗin ya wuce cikin sauran rubutun ba a karanta shi ba. Abin da ya sa tashin ya ƙi tsayawa kuwa shi ne tsalle zuwa 0 ba ya taɓa rajistocin sassan na'urar: harafin yana nan a rajistar karɓa ta `UDR0` ba a karanta shi ba, tutarsa tana ɗage, saboda haka da zarar manhajar ta kai ga `sei()`, umarnin da yake ba katsewa izinin shiga, sai katsewar ta sake ɗauke ta.

An gyara sunan cikin minti ɗaya. Amma zaman da ya yi a kan teburin ya bar masa wata fahimta da ta ɓata masa mako guda. Ya karanta cewa gurbin da ya fi kusa da farko shi ya fi fifiko, ya ga `INT0` tana gaba da `TIMER1_COMPA` nesa, sai ya yanke cewa taima ba za ta iya tare wa enkoda hanya ba, ya cire ta daga cikin abin zargi.

Mako na 4: an auna tsawon katsewar

Makon ya tafi a kan neman hayaniyar lantarki a wayar enkoda. An sauya wayar da mai rufi, an duba bugun a osiloskof, na'urar da take zana siginar lantarki a allo, an same shi tsaf, mai kaifin gefe, ba gibi. Tunda osiloskof ɗin yana nan a haɗe, sai ma'aikacin ya ɗauki wata ƙafar ATmega328P ɗin da ba a amfani da ita, ya sa ta tashi a farkon mai karɓar taima ta sauka a ƙarshensa:

```c
ISR(TIMER1_COMPA_vect) {
    PORTB |= (1 << PB0);
    lissafa_gudu();
    sabunta_allo();
    PORTB &= ~(1 << PB0);
}
```

Ƙafar ta tsaya a sama milisakan 2.9 a kowane zuwa. Mafi yawan lokacin na allo ne. Umarnin goge allon HD44780 yana buƙatar milisakan 1.52, kuma manhajar tana jiran milisakan 2 cur don kariya, sauran kuma ya tafi a kan rubuta haruffa ɗaya bayan ɗaya da lissafin da ke da rabawa, wanda wannan na'urar ba ta da umarninsa, sai dai ta yi shi a matakai masu yawa. Da ya jera layin enkoda a ƙarƙashin wannan layi a kan gudun mita 2 a sakan, ya ƙirga bugu goma sha ɗaya, wani lokaci goma sha biyu, suna wucewa yayin da ƙafar take sama.

Abin da fifikon teburin yake nufi ya fi abin da ya ɗauka ƙanƙanta. Da zarar na'urar ta shiga kowace katsewa, tana sauke bit ɗin `I` na rajistar `SREG`, wanda shi ne babbar ƙofar duk katsewa, kuma ba ya komawa sai umarnin `RETI` na fita. Fifiko yana aiki ne kawai a lokacin da ƙofar take buɗe kuma katsewa biyu suna jira, sai a fara da ta gaba a tebur. Ba ya ba wa `INT0` ikon kutsawa cikin katsewar da ta riga ta shiga. Bugun da ya zo ƙofa a rufe yana ɗaga tutar `INTF0`, kuma tutar bit ɗaya ce, ba ta da wurin ajiye adadi. Bugu na farko ya ɗaga ta, na biyu da na goma sun tarar da ita a ɗage, ba su bar wata alama ba. Idan taima ta fita, `INT0` tana gudu sau ɗaya, ta ƙara ɗaya.

Daga nan lissafin ya zauna a kan awon da aka rubuta. A mita 2 a sakan, bugu 4000 ne a sakan, ɗaya duk bayan maikurosakan 250. A cikin milisakan 2.9 bugu 11.6 ne suke zuwa a matsakaici, a tsira da ɗaya, a rasa 10.6, sau goma a sakan ya zama 106 daga cikin 4000, wato kashi 2.65 cikin ɗari, wanda yake ba da nadin mita 102.7. A mita 1, ana rasa 48 daga 2000, kashi 2.4. A rabin mita, 19 daga 1000, kashi 1.9. Rufin da kuskuren yake kusanta shi ne kashi 2.9, domin milisakan 2.9 daga kowane 100 ne na'urar take kurma. A mita 0.15 kuwa, tazarar bugu milisakan 3.3 ce, ta fi tsawon katsewar, saboda haka ba a taɓa samun bugu biyu a cikin rufewa ɗaya, kuma tutar tana riƙe ɗayan lafiya. Duk gudun da ya gaza kusan mita 0.17 a sakan ba zai nuna komai ba, kuma juyin hannu na gwajin tebur yana ƙasa da wannan iyaka.

Mako na 5 da na 6: an buɗe ƙofa daga ciki

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a bar taima da tsawonta, a ba enkoda damar kutsa mata. Ya ƙara `ISR_NOBLOCK` a kan mai karɓar taima, wanda yake sa kwamfaila ta ɗaga bit ɗin `I` tun a farkon shiga. Ƙirge ya dawo daidai nan take: nadi biyar a gudu daban-daban, dukansu mita 100 a iyakar abin da tef yake iya nunawa.

Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Sau uku a cikin kwana tara injin ya tsaya a tsakiyar nadi yana ƙarar gudu ya wuce ƙa'ida, alhali motar tana kan mita 2 a sakan, iyakar da aka sa kuma 2.5 ce. Bayanan da aka tura kwamfuta sun nuna abu ɗaya a duk ukun: a inda ya kamata a ga ƙarin bugu 400 a cikin milisakan 100, an ga 656, a zagaye na gaba kuma 144. Bambancin 256 ne cif, kuma wannan lamba ita ta tona asirin.

Ƙirgen lamba ce mai bayit huɗu, na'urar kuwa bayit ɗaya take karantawa a umarni ɗaya. A da, taima tana karanta huɗun ƙofa a rufe, babu mai taɓa su. Yanzu enkoda tana iya faɗowa tsakanin karatun bayit na farko da na biyu. Idan ƙirgen yana `0x00FF`, taima ta ɗauki `FF`, enkoda ta kutso ta mai da shi `0x0100`, taima ta dawo ta ɗauki `01`, sai ta haɗa `0x01FF`, lambar da ƙirgen bai kai ba tukuna, ta wuce ta gaskiya da 256. Tagar da hakan yake faruwa a cikinta ba ta kai rabin maikurosakan ba, shi ya sa sai an yi awowi masu yawa ana aiki kafin a dace da ita, kuma shi ya sa gwajin nadi biyar bai kama ta ba.

Mako na 7: an kwashe aikin daga cikin katsewa

Ya cire `ISR_NOBLOCK`, ya rage mai karɓar taima zuwa layi biyu:

```c
volatile uint32_t kirge, kwafi;
volatile uint8_t lokaci_yayi;

ISR(TIMER1_COMPA_vect) {
    kwafi = kirge;
    lokaci_yayi = 1;
}
```

Tunda ƙofa a rufe take a cikin wannan katsewa, kwafin yana fita cikakke, kuma an ɗauke shi daidai a kan karin milisakan 100, wanda shi ne abin da lissafin gudu yake buƙata. Lissafin da allon suka koma babban zagaye, wanda yake duba tutar, ya ɗauki kwafin a cikin ɗan rufewa na wasu umarnai kaɗan, sannan ya yi dogon aikinsa ƙofa a buɗe:

```c
if (lokaci_yayi) {
    uint32_t k;
    ATOMIC_BLOCK(ATOMIC_RESTORESTATE) {
        k = kwafi;
        lokaci_yayi = 0;
    }
    nuna(k);
}
```

Kalmar `volatile` tana hana kwamfaila riƙe tsohuwar daraja a rajista tana zaton babu mai canza ta, amma ba ta hana katsewa faɗowa a tsakiyar karatu, wannan aikin `ATOMIC_BLOCK` ne. An kuma daina goge allo, ana rubuta sababbin lambobi a kan tsofaffi. Mai karɓar `USART` shi ma an taƙaita shi: ya duba tutar `DOR0` a `UCSR0A`, wadda take nuna an rasa harafi, kafin ya karanta `UDR0`, ya ajiye harafin a jerin jira mai gurbi 32, ya fita.

Aka sake awo da osiloskof. Kowane ɗaya daga cikin masu karɓar uku ya tsaya a 'yan maikurosakan, ƙasa da goma ko da an haɗa da lokacin shiga da fita, wanda ƙafar gwaji ba ta nunawa. An yi mako huɗu ana aiki a kan gudu daga mita 0.15 zuwa 2 a sakan. Nadin da aka auna sun fito daidai, injin bai sake tsayawar ƙarya ba, ƙirgen `DOR0` kuma bai bar sifili ba.

Hukunci

Asalin kuskuren shi ne sanya jiran allo a cikin katsewa, kuma ana iya gano shi tun kafin a ɗora injin da an kwatanta lambobi biyu: mafi tsawon lokacin da ƙofa take rufe, da mafi gajeriyar tazara tsakanin bugu biyu. Na farko milisakan 2.9 ne, na biyu maikurosakan 250, ya ninka shi fiye da sau goma sha ɗaya. Gwajin tebur ya wuce ne kawai domin an yi shi a ƙasa da gudun da matsalar take farawa, kuma a ganina wannan shi ne babban gibi a aikin, ya fi kuskuren rubutun kansa nauyi, domin minti goma na juya tayar da mota da sun nuna shi.

Sauya roba ba ɓata lokaci ba ne, tunda alamar ta yi kama da sulɓewa. Rage adadin bugu kuwa kuskure ne, domin an rufe alamar da wata lamba ba tare da an san abin da yake haifar da ita ba, sai dai awo huɗun da rushewarsa ta tilasta su ne suka zama hujja mafi ƙarfi daga baya. Buɗe ƙofa daga cikin katsewa ya magance ɓatan bugu da gaske, amma ya rushe wata kariya da manhajar take dogaro da ita ba tare da marubucinta ya sani ba, ya musanya kuskuren da ake gani a kowane nadi da wanda yake zuwa sau ɗaya a cikin kwanaki. Ba haramun ba ne a yi amfani da shi, sai dai duk lambar da katsewa biyu suke taɓawa sai an sake duba ta ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin na yanzu yana da iyakarsa. Kowane bugu yana cin katsewa guda, kuma idan aka sa enkoda mai bugu 6000 a juyi, tazarar za ta sauka zuwa maikurosakan 25 a kan mita 2 a sakan, inda katsewa uku da suka haɗu a jere za su iya cinye ta. A wannan mataki taƙaita mai karɓa ba zai wadatar ba, sai a kai bugun ƙafar `T1` domin taima ta 1 ta riƙa ƙirga shi da kanta ba tare da katsewa ba, a mayar da karin lokaci kan taima ta 2.